Shagon tireda: tsarin kasuwanci na shafi ɗaya ko cikakke?

"Malam, na tara naira miliyan 3, yayana kuma ya ce zai ƙara mini miliyan 1 in buɗe shagon tireda a unguwarmu a Kano. Wani abokina ya ce sai na biya an rubuta mini cikakken tsarin kasuwanci mai shafi talatin, wani kuma ya ce shafi ɗaya ya wadatar. Wanne zan yi?"

Ɗan'uwa, rubuta na shafi ɗaya, kuma da hannunka. Sai ka haɗa masa da takarda ta biyu wadda za ta nuna shigar kuɗi da fitarsu wata bayan wata har shekara guda. Kada ka biya kowa ya rubuta maka shafi talatin yanzu, domin babu wanda zai karanta shi. Cikakken tsari ana yin sa ne saboda baƙon da bai san ka ba, bai san unguwarku ba, kuma kana son ya ba ka kuɗinsa ko kuɗin da aka ba shi amana. Kai kuwa kuɗinka ne da na yayanka. Abin da ke tsakaninka da shi yarjejeniya yake buƙata, zan zo kanta a ƙasa.

Na yi aiki a sashen ba da rance na wani ƙaramin banki kafin in koma ba 'yan kasuwa shawara, don haka takardun nan iri biyu sun sha ratsawa ta teburina. Abin da na lura shi ne, mai ƙaramin shago ba ya karyewa saboda takardarsa gajera ce. Yana karyewa ne saboda akwai lissafi biyu ko uku da bai taɓa zama ya yi ba, kuma lissafin nan rabin shafi ya ishe su.

Abin da kowannensu ya ƙunsa

Cikakken tsari yana da fasalin da aka saba: taƙaitaccen bayani a gaba, tarihin mai kasuwancin da rajistarsa, binciken kasuwa da abokan gasa, yadda za a gudanar da aiki, hasashen kuɗi na shekara uku ko fiye, sannan yadda za a biya bashi da abin da za a jinginar. A bayansa a liƙa takardun shaida. Shi kuwa na shafi ɗaya, wanda ya fi shahara shi ne Lean Canvas, wanda Ash Maurya ya fitar a 2010 bisa wani jadawali na Alexander Osterwalder. Gida tara ne a kan takarda ɗaya, kowane gida da tambayarsa.

Sai dai kada ka ɗauko shi yadda yake ka ce sai ka cike kowane gida. An tsara shi ne domin masu fito da sabon abu wanda ba a san ko mutane za su so shi ba, kamar masu ƙirƙirar manhaja. Kai ba ka da shakka a kan ko 'yan unguwarku suna sayen sukari da sabulu. Tambayarka ita ce ko za su bar inda suka saba su zo wurinka, kuma ko abin da zai rage maka bayan sari zai ɗauki nauyin shagon. Don haka abin da nake sa masu shago su amsa a shafin bai wuce wannan ba: su wa za su saya kuma a ina suke saye yanzu, wane kaya ne zai riƙe shagon, nawa buɗewar za ta ci, nawa shagon zai riƙa ci duk wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, sannan cinikin nawa ake buƙata a rana kafin a fara maganar riba.

Mu cike shi da kuɗinka

Alƙaluman da zan sa misali ne kawai. Farashi ya bambanta tsakanin bakin titi da cikin lungu, don haka ka maye gurbinsu da waɗanda ka tambayo da bakinka.

Kana da naira miliyan 4. A ce hayar shekara 480,000 ce, la'adar dillali da takardar yarjejeniya 50,000. Gyaran shago, kanta da katakon jera kaya 420,000. Firiza 450,000. Sikeli, fanka da ɗan abin da zai ba ka haske idan an ɗauke wuta 200,000. Rajistar sunan kasuwanci da kuɗin ƙaramar hukuma 50,000. Jimla 1,650,000 ke nan, kuma ba ka sa ko ƙwayar ashana a kanta ba. Nan ne mutane da yawa suke fara farkawa, domin a ransu miliyan 4 ɗin duk kaya ne. Abin da ya rage 2,350,000. Ka ajiye 350,000 a gefe, ka shiga Kasuwar Singa da miliyan 2.

Yanzu abin da shagon zai riƙa ci duk wata. Haya, idan ka raba ta gida goma sha biyu, 40,000 ce, kuma dole ka riƙa ware ta tun watan farko duk da ka riga ka biya, domin wanda ya ba ka hayar zai dawo baɗi. Yaron shago 30,000. Wuta da fetur ko ƙanƙara 45,000. Kuɗin ɗauko kaya daga kasuwa da 'yan dako 25,000. Leda, mai gadi da shara 15,000. Kayan da suka lalace, suka fashe ko ɓera ya taɓa 10,000. Sai albashinka, a ce 75,000. Jimla 240,000.

Kada ka tsallake albashin nan naka. Mai shagon da bai yanka wa kansa albashi ba, kullum hannunsa yana cikin aljihun teburin: yau cefane, gobe kuɗin makaranta, jibi an yi haihuwa a dangi. Ba ya ganin fitar kuɗin saboda kaɗan kaɗan suke tafiya, sai ranar da ya je sari ya tarar abin da ke hannunsa bai kai rabin na watan jiya ba. Haka ma taliya da madarar da za a aiko yaro ya karɓa daga gida, a rubuta su a cire daga albashin.

Lissafin da ya fi kowanne nauyi shi ne na gaba. Idan ka saro katan a kan 9,000 ka sayar da abin da ke ciki 10,000, naira 1,000 ta rage maka, wato kashi 10 cikin ɗari na cinikin. A ce haka kayanka suke in an haɗa su gaba ɗaya. To, kafin ka samu 240,000 ɗin can, sai ka yi cinikin 2,400,000 a wata, wato 80,000 kowace rana. A wannan cinikin ba ka ci riba ba, ba ka faɗi ba. Idan mai saye ɗaya yana kashe kusan 1,000, kana buƙatar mutum 80 su tsaya gaban kantarka kullum.

Ka duba yadda ɗan sauyi yake juya lissafin. Idan abin da ke rage maka kashi 8 ne, sai ka yi cinikin 100,000 a rana. Idan kashi 12 ne, kusan 67,000 ta isa. Shi ya sa tambayar wane kaya ne zai riƙe shagon ba ado ba ce. Kayan da kowa ya san farashinsu, kamar buhun shinkafa, katan ɗin taliya da galan ɗin mai, ribarsu siririya ce, domin da ka ɗora kaɗan mai saye zai wuce shagon gaba. Suna jawo mutane, amma suna danne jari. Abin da ya fi barin wani abu shi ne wanda ka fasa ka sayar ɗaiɗai ko ka auna: ƙullin sukari, ƙwayar magi, omo na ƙaramar leda, ruwa da lemo mai sanyi a lokacin zafi. Idan ka zuba miliyan 2 ɗinka a manyan buhuna don shagon ya yi kwarjini, ka sa kanka a layin kashi 8 ko ƙasa da haka.

Mutum 80 ɗin nan kuwa ba a teburi ake samo su ba. Ka je ka zauna kusa da inda za ka kama shagon, da safe lokacin da ake aiken yara sayen kayan shayi, da kuma bayan magariba, ranar aiki da ranar hutu. Ka ƙirga masu shiga shagon tireda mafi kusa, ka lura da abin da suke fitowa da shi a leda. Idan shagon da ya shekara biyar a wurin yana samun mutum 60 a yini, kai sabo ba za ka samu 80 ba, sai dai ka nemi wani wuri, ko ka rage abin da shagon yake ci, misali ka fara ba tare da yaro ba. Wannan zaman na 'yan kwanaki shi ne binciken kasuwarka, kuma ya fi shafi goma na bayanin yawan mutanen Kano amfani.

Inda shafi ɗaya yake gaza

Shafin yana nuna maka shagon a watan da komai ya daidaita. Ba ya nuna hanyar da za ka bi kafin ka kai can, kuma a hanyar ne kuɗi suke ƙarewa. Aikin takarda ta biyu ke nan. Ka ja layi goma sha biyu, kowane wata da nasa, ka rubuta abin da kake sa ran zai shigo, abin da zai fita, da abin da zai rage a hannu.

A ce watan farko cinikinka 40,000 ne a rana, domin ba a san ka ba tukuna. Abin da zai rage bayan sari 120,000 ne a watan, alhali shagon ya ci 240,000, don haka ka cike giɓin 120,000 daga ajiya. Wata na biyu ciniki ya hau 55,000 a rana, giɓin ya koma 75,000. Na uku 70,000 a rana, giɓin 30,000. A wata uku ka ɗebi 225,000 daga cikin 350,000, saura 125,000, kuma wannan a shagon da yake tafiya daidai ne.

Sai bashi ya shigo. A unguwarku za ka buɗe, inda kowa ya san mahaifinka. Maƙwabci zai karɓi kaya sai ƙarshen wata, matar kawu za ta aiko a ba ta mudu biyu kafin maigida ya dawo. Idan kashi ɗaya cikin goma na cinikinka ya tafi haka, sama da 200,000 suna waje a kowane lokaci, sun fi abin da ya rage a ajiyarka. A littafi kana da riba, a hannu ba ka da kuɗin sari. Alamar farko ita ce za ka fara rage yawan abin da kake sarowa, kanta ta fara nuna katako, mai saye ya tambayi abu sau biyu ka ce ya ƙare, na uku ba zai zo ba. Don haka ka rubuta iyakar bashin tun kafin ka buɗe: jimlar da ba za ta wuce kaza ba, da mutanen da za ka iya bai wa. Faɗin "dokar shagon ce" ya fi sauƙi a baki idan da gaske akwai dokar a rubuce.

Abu na biyu da takardar za ta tona shi ne tashin farashi. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Masu shago da yawa sun sayar da katan da farashin da suka saro shi, suka koma Singa suka tarar kuɗin da suka tara, uwa da riba, da ƙyar zai sayo katan ɗaya irinsa. Idan farashin sari ya tashi da kashi 10, kana buƙatar ƙarin 200,000 don kawai ka cike kantar da miliyan 2 ta cike a baya. Wannan ma dalili ne da ya sa ba na ba hasashen shekara uku muhimmanci a ƙaramin shago. Na wata goma sha biyu da kake gyarawa duk ƙarshen wata da fensir ya fi kusa da gaskiya.

Miliyan ɗayan yayanka

Ka zauna da shi ku fayyace abu ɗaya: rance ne ko haɗin jari? Idan rance ne, zai karɓi miliyan ɗinsa ko shagon ya ci ko ya faɗi, sai ku rubuta yaushe za a fara biya da nawa nawa, ka kuma sa shi a takardar watanni. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, don haka babu kunya a ciki. Idan haɗin jari ne, yana da kashi ɗaya cikin huɗu na uwar kuɗi, asara idan ta zo za ta hau kowa gwargwadon abin da ya zuba, riba kuma a raba yadda kuka amince. Nan sai ku rubuta ko albashinka yana fita kafin rabo, yaushe za a riƙa ƙirga kaya a fitar da riba, da yadda zai janye idan buƙata ta taso masa. Ku sa shaidu biyu, kuma idan akwai abin da ya shige muku duhu a hukuncin, ku kai wa malamin da ya san babin ciniki. Rigimar da na fi gani tsakanin 'yan'uwa ba ta cin amana ba ce. Ɗaya yana ɗauka rance ya bayar, ɗayan yana ɗauka sun haɗa ne, ba su gane ba sai da kasuwa ta yi sanyi.

Lokacin da cikakken tsari yake zama dole

Idan za ka nemi kuɗi daga inda ake tara takardun masu nema a tantance su a ofis, to babu makawa. Bankin Masana'antu, wato BOI, yana neman tsarin kasuwanci a cikin takardun rance. Shirin rancen manoma da ƙananan 'yan kasuwa na AGSMEIS, wanda aka riƙa bayarwa ta bankin NIRSAL, ya haɗa da samun horo da gabatar da tsari. Gidauniyar Tony Elumelu, wadda take ba da jarin dala 5,000 tun 2015, ita ma tana sa waɗanda suka shiga shirinta su gabatar da nasu. A irin waɗannan wurare, ka fara karɓo fasalin da su suke so kafin ka rubuta komai, domin kowa da tambayoyinsa, wasu ma a fom ɗin intanet ake cikewa. Wanda ka biya aka rubuta maka tun kafin ka san wa za ka kai wa, da wuya ya dace.

Haka nan idan shagon ya wuce na tireda. Kemis yana buƙatar lasisin hukumar da ke kula da harkar magunguna, wurin sayar da gas yana da nasa sharuɗɗan tsaro, kuma babban kanti mai ma'aikata da yawa yana da abubuwan da shafi ɗaya ba zai ɗauka ba. Idan kuma wanda zai zuba kuɗi ba ɗan'uwa ba ne, haƙƙinsa ne ya ga komai dalla dalla.

Ƙananan bankuna kuwa, a abin da na sani daga aiki, galibi ba takardar suke dubawa ba. Jami'i zai zo shagon ya ga kaya da idonsa, ya buɗe littafin ciniki, ya nemi bayanan asusunka na watannin baya, ya tambayi wanda zai tsaya maka. Yawancinsu ma ba sa ba da rance ga shagon da bai fara aiki ba. Kuma jami'in da ya saba yana gane tsarin da aka saya a shagon buga takardu cikin minti kaɗan: ciniki yana hawa daidai wa daida kowane wata babu azumi babu damina, kuɗin haya bai yi kama da na unguwar ba, babu layin bashin da ke waje. An taɓa kawo mini wani na shago a Kano, a tsakiyarsa sunan wani gari na kudu yana nan ba a goge ba. Da na tambayi mai shi cinikin nawa yake buƙata a rana don ya biya mu, sai ya fara buɗe shafuka yana nema. Amsar ba ta ciki.

Ga yadda ake samo ta, tunda wata rana za ka iya sha'awar rance. A ce ka karɓi 1,500,000 na wata goma sha biyu, ana ɗora kashi 4 cikin ɗari na asalin kuɗin duk wata. Uwar kuɗi 125,000, abin da aka ɗora 60,000, wato 185,000 duk wata. Ka haɗa da 240,000 na shago ya zama 425,000, wanda a kashi 10 yake nufin cinikin kusan 142,000 a rana. Ko ta hanyar murabaha ka bi a banki irin Jaiz ko TAJ, inda bankin yake sayen kayan ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, lissafin ɗaya ne: abin da za ka biya duk wata ya hau kan abin da shagon yake ci. Idan ƙarin kayan ba zai kai cinikinka can ba, daga uwar kuɗinka za ka riƙa biya.

Saboda haka, tun ranar farko ka riƙa tara abin da cikakken tsari zai buƙata idan lokacinsa ya zo. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusu na shagon daban da naka, kuɗin POS da taransifa su riƙa shiga can, tsabar kuɗin ma ka riƙa zubawa ciki kafin ka je sari don su bar sawu. Ka riƙe littafi biyu, na cinikin yini da na bashi, ka adana rasit ɗin sari, ka ƙirga kayan kanta duk ƙarshen wata da farashin sari na ranar. Bayan wata shida zuwa shekara, idan ka ga kana son firiza ta biyu ko shagon da ke jikin naka, sashen kuɗi na cikakken tsarin zai fito daga littattafan nan kai tsaye. A lokacin, idan rubutun Turanci ne matsalar, ka biya wani ya tsara maka, amma ka zauna kusa da shi, kuma kada ka bari ya sa wani adadi da ba daga littafinka ya fito ba.